Ciwon Toshewar Huhu: Yadda Likita Ke Auna Tsananinsa

Tambayar da ta fi yawa daga masu karatunmu na Keffi da kewaye, musamman in hunturu ya kama, ita ce ta tsohon tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga haki da majina. Sau da yawa an riga an gwada tarin fuka ba a same shi ba, sai a koma kanti ana ta sayen maganin tari. A irin wannan hali akwai ciwon da ya kamata a nema, wanda likitoci ke rubutawa COPD a kati. Hanyoyin iska na huhu ne ke ƙuntacewa a hankali, kuma ba sa komawa daidai. Taba sigari ce kan gaba wajen jawo shi a duniya, amma a wajenmu hayaƙin itace a madafi marar taga ba ƙaramar ɓarna yake yi wa mata ba.

Hoton ƙirji ba ya tabbatar da wannan ciwo. Abin da ke tabbatarwa shi ne gwajin hura iska. Za a ba mutum maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska, a jira kamar minti 15, sannan ya cika ƙirjinsa ya hura cikin na'ura da iyakar ƙarfinsa har iskar ta ƙare, aƙalla sau uku. Takardar sakamako za ta nuna FVC, wato dukkan iskar da ya fitar, da FEV1, wato wadda ta fita a daƙiƙar farko. In aka raba FEV1 da FVC aka samu ƙasa da 0.70, akwai toshewa. A nan ake yawan kuskure: wanda ya hura da sanyin jiki, ko tari ya katse shi, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne, sai a sake.

Daga nan sai a kwatanta FEV1 ɗinsa da abin da ake tsammani ga lafiyayye mai shekarunsa da tsawonsa da jinsinsa. Tsarin GOLD, wanda ake bi a duniya, ya kasa shi huɗu. Kashi 80 cikin 100 zuwa sama mataki na ɗaya ne, 50 zuwa 79 na biyu, 30 zuwa 49 na uku, ƙasa da 30 kuwa na huɗu, mafi tsanani.

Mu ɗauki misali. A ce mace ce mai shekara 58, ta yi shekara da shekaru tana suyar masa da itace. FVC ɗinta lita 2.4, FEV1 kuwa lita 1.2. Rabon ya ba da 0.50, toshewa ta tabbata. Abin da ake tsammani gare ta lita 2.1 ne, tana da kashi 57 ke nan, mataki na biyu. Wani zai ce ai da sauƙi.

Ni kuwa ba zan ce haka ba sai na ji ta bakinta, domin lambar na'ura ba ita ke zaɓen magani ba. Zan tambaye ta: “Mama, in kina tafiya a miƙaƙƙiyar hanya, sa'o'inki na barinki a baya saboda haki? Kina tsayawa ki huta?” In ta ce e, ta kai maki 2 a ma'aunin haki na mMRC, wanda ke tashi daga 0 zuwa 4. Sai tambayar da ta fi nauyi: cikin shekarar da ta wuce, sau nawa ciwon ya tashi har aka ƙara mata magani mai ƙarfi, kuma an taɓa kwantar da ita?

A rahoton GOLD na 2023, mai ƙarancin haki da ciwonsa bai cika tashi ba yana rukunin A, maganin shaƙa guda ya isa. Mai maki 2 ko fiye yana rukunin B, ana haɗa masa iri biyu masu daɗewa a jiki. Wanda ciwon ya tasar masa sau biyu, ko aka kwantar da shi ko sau ɗaya ne, ya faɗa rukunin E. To in an kwantar da Mama a hunturun bara, tana rukunin E duk da mataki na biyun nata. Za ta samu magungunan nan biyu, kuma gwajin jini zai nuna ko a ƙara na uku mai rage kumburi. Ba a ba kowa wannan na ukun, don yana iya ƙara haɗarin ciwon namoniya.

Asma da tabon da tarin fuka ke bari a huhu duk suna iya yin kama da wannan ciwo, don haka likita ne zai rarrabe, ba mai kanti ba. Duk wanda ya haura shekara 40 yana fama da irin wannan tari, ya je Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ya nemi a tura shi gwajin hura iska, kuma ya tafi da lissafin sau nawa ciwon ya tasar masa bara. Kafin nan, a ajiye taba, a fitar da murhu waje.