Yadda Ake Zana Taswirar Manhajar Lissafi ta Shekara Guda

Taswirar manhaja takarda ce da ke nuna abubuwa uku a layi ɗaya: abin da ake so ɗalibi ya iya, aikin da zai yi a aji har ya iya shi, da hanyar da za a gane ko ya iya. Tsarin aikin mako-mako da ake miƙa wa malami a farkon zango sunayen darussa kawai yake jerawa, shi ya sa ake iya gama shi tsaf yara kuma su faɗi jarrabawa. Misalinmu a nan malamin lissafi ne na aji biyu na ƙaramar sakandare a Unguwar Romi, cikin ƙaramar hukumar Chikun, mai koyar da manhajar da hukumar NERDC ta tsara.

Mataki na farko: ƙirga makonnin gaskiya. Ɗauko kalandar karatu ta jihar Kaduna da biro. A ce zango yana da mako 13. Makon farko na shara ne da rajista da jiran waɗanda ba su dawo ba. Hutun tsakiyar zango da ranakun hutun gwamnati, irin su 1 ga Oktoba da 12 ga Yuni, za su cinye kusan wani makon. Na ƙarshe kuma na jarrabawa ne. Saura goma, ciki har da bita. A Romi, inda Kirista da Musulmi ke zama benci ɗaya, ka lura da bukukuwan kowa. Kirsimeti yana faɗawa cikin hutu, amma Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka taswirar bara ba za ta zauna daidai a bana ba. Mako talatin ke nan a shekara, kuma da su za ka yi kasafi.

Mataki na biyu: mayar da kowane darasi abin da ido ke gani. Ja layuka a babbar takarda ka yi gida shida: mako, abin da ɗalibi zai iya, abin da ya kamata ya sani tukuna, aikin aji, awon fahimta, sai gidan da za ka bari fanko don bayani. A gida na biyu kada ka rubuta "ɗalibi zai fahimci riba da asara". Babu mai iya leƙa fahimta. Rubuta "ɗalibi zai lissafa riba ko asara a matsayin kaso cikin ɗari na kuɗin saye". Manufa ashirin zuwa ashirin da biyar sun ishi shekara. In sun kai sittin, ka koma kwafar manhaja ne kawai.

Mataki na uku: jera su, wanda ake buƙata ya riga mai buƙatarsa. Gida na uku ne zai yi maka jagora. Kaso cikin ɗari ya zo kafin riba da asara da kuɗin ruwa. Tushen lamba, wato neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 25 ko 144, ya zo kafin ƙa'idar Paitagoras. Gwada girman abu da abu ya zo kafin zanen sikeli. Sannan ka duba sama. Duk aikin da ke buƙatar fita fili, kamar awon filin makaranta ko ja igiya mai tsawon 3 da 4 da 5 don fitar da kusurwa madaidaiciya yadda magina ke yi, ka sa shi a zango na biyu, lokacin rani. Daga Mayu ruwan Kaduna ba ya shawara da jadawalin kowa.

Mataki na huɗu: rubuta tambayar gwaji kafin ka tsara darasi. Nan ne aikin yake, don haka mu cika layi ɗaya tare, na mako na takwas a zangon farko. Manufar ita ce wadda muka rubuta a sama. Ga tambayar: mai shago ta sayi kiret ɗin ƙwai mai guda 30 a kan naira 5,000. Biyu sun fashe, ta sayar da sauran naira 200 kowane. Kaso nawa cikin ɗari ta ci riba? Ƙwai 28 sun kawo 5,600, riba 600, a raba da 5,000, amsa kaso 12.

Amfanin tambaya irin wannan shi ne amsar da ba daidai ba ma tana magana. Wanda ya kawo 20 ya manta da fasassun ƙwai, matsalarsa karanta tambaya ce, kuma ga yaron da ke Hausa ko Gbagyi a gida yana karatu da Turanci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya kawo kusan 11 ya raba da kuɗin sayarwa maimakon kuɗin saye. Wanda ya tsaya a 600 bai riƙe darasin kaso cikin ɗari ba, sai a koma da shi mako biyu baya.

Yanzu aikin aji ya fito da kansa. Tunda lissafawa za a tambaye su, lissafawa za su yi. Raba su rukuni-rukuni, kowane ya zo da farashin sari da na sayarwa na abu ɗaya daga shagon unguwa, gari ko sabulu ko ruwan leda, su fitar da kason riba, su kare amsarsu a allo. Bayan haka ka karanta layin daga hagu zuwa dama. Idan manufa ta ce "lissafa", aikin aji ya ce "kwafi misalai biyar daga allo", gwaji kuma ya ce "faɗi ma'anar riba", layin ya karye gida uku, ko da kowane gida a cike yake.

Mataki na biyar: raba maki gwargwadon lokaci. A ce makarantarku tana ba awon cikin zango maki 40, jarrabawa 60. Mako goma, maki 60, kowane mako ya tashi da shida. Fannin da ya ci mako uku ya sami 18, lissafin kasuwa mai mako biyu ya sami 12. Wannan ɗan lissafin yana hana abin da muka saba gani, malami ya cika takarda da darussan makon jiya saboda su ne a bakinsa. Maki 40 ɗin kuma kada a tara su a gwaji guda. Sa ɗaya a mako na huɗu, ɗaya a na takwas, sauran a aikin rukuni da na gida.

Ka kuma auna ƙarfinka. Aji mai yara 70, minti uku kowace takarda, awa uku da rabi ke nan, kuma in kana riƙe da azuzuwa uku sun haura awa goma. Taswirar da ta ce gwaji kowane mako ba za ta kai Nuwamba ba. A makonnin da babu gwaji, tambaya ɗaya a minti biyar na ƙarshe ta isa: kowa ya rubuta amsa a ƙyallen takarda, ka ware su tuli-tuli bisa irin amsar, ba sai ka ba da maki ba.

Mataki na shida: cika gidan da ka bari fanko. Kowace Juma'a rubuta layi ɗaya: an gama, ba a gama ba, yara nawa suka ci tambayar. Idan rabin aji suka faɗi manufar da wata ke jingine da ita, tsaya ka gyara, ka rage lokacin wani darasi da babu mai jiransa a gaba. Wanda ka tsallake kuwa ka yi masa alama a fili. A ƙarshen Yuli ka miƙa kwafin taswirar ga malamin aji uku, wanda zai shirya yaran don jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, domin ya san tun makon farko waɗanne darussa zai sake taɓawa.