Idan Hoton Jadawali Ya Ɓace: Abin da Ya Kamata a Rubuta a Madadinsa

Jadawalin ƙididdiga, wato zanen da ke nuna alƙaluma da sanduna ko layuka, yakan shiga rahoto ne a matsayin hoto, kuma hoto ya fi rubutu saurin ɓacewa a hanya. Mai wannan rubutu, wanda aikinsa tsara rahotanni ne, ya sha karɓar takardun da aka ce "duba jadawali na uku", alhali babu komai a wurin sai akwati fanko mai jan alama. Sau da yawa dalilin shi ne an saka hoton a Word ta zaɓin Link to File, wanda ke ajiye adireshin hoton kawai ba hoton kansa ba, don haka da takardar ta bar kwamfutar mai ita sai mahaɗin ya yanke. Wani lokaci kuma manhajar imel irin Outlook ce ke hana hotunan waje buɗewa. Mai takardar ba ya ganin matsalar, domin a kwamfutarsa komai yana nan, sai ya buɗe ta a wata na'ura.

Maganin shi ne a rubuta abin da jadawalin ya ƙunsa da kalmomi, kuma a fara da take cikakke, wanda ya faɗi abin da aka ƙirga da wuri da shekara. Misalin da zai bayyana haka shi ne jadawalin sanduna na yawan jama'ar jihohi bakwai na Arewa maso Yammacin Najeriya bisa ƙidayar 2006. Take irin "Yawan jama'a" bai wadatar ba, kuma a nan ma dole a ambaci cewa alƙaluman na ƙarshe ne, domin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fara fitar da sakamakon wucin gadi mai jimillar 140,003,542 kafin na ƙarshe mai 140,431,790, kuma adadin kowace jiha ya sha bamban a tsakaninsu.

Bayan take sai sunayen layuka biyu da jadawali ke tsaye a kansu, na kwance da ke ɗauke da sunayen jihohi da na tsaye da ke ɗauke da ma'auni. A nan aka fi yin ɓarna, domin ma'aunin yakan zo da ƙananan haruffa a gefe, kamar "a dubbai", kuma mai kwafa yakan tsallake shi. Idan aka rubuta Kano 9,401 ba tare da wannan kalma ba, an mayar da jiha mai mutum fiye da miliyan tara tamkar ƙaramin gari. Haka nan launi ba ya kwafuwa, saboda haka idan jadawali ya bambanta maza da mata da launuka biyu, sunan rukunin ake rubutawa a gaban kowane adadi.

Su kuwa alƙaluman, idan ba su wuce goma ba ya fi kyau a kawo su duka, a jere daga babba zuwa ƙarami kamar yadda ido zai gan su: Kano 9,401,288, Kaduna 6,113,503, Katsina 5,801,584, Jigawa 4,361,002, Sakkwato 3,702,676, Zamfara 3,278,873, Kebbi 3,256,541. A ɗauko su daga takardar Excel da aka zana jadawalin da ita, kada a kintata daga tsawon sanda, domin tazarar Zamfara da Kebbi mutum 22,332 ce kacal, wadda ido ba ya rabewa, kuma idan aka taƙaita su zuwa miliyan 3.3 kowacce an shafe bambancin gaba ɗaya. Haɗa su a lissafi yana tona kuskuren kwafa, domin jimillar bakwai ɗin dole ta zama 35,915,467. Jadawali mai ɗaruruwan alƙaluma kuwa, kamar farashin kullum na shekara guda, ya isa a kawo na farko da na ƙarshe da mafi girma da mafi ƙanƙanta tare da ranakunsu, sauran a sa su a tebur.

Sai jimla ɗaya da ke faɗin abin da jadawalin ya zo nunawa, misali cewa Kano ita kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na jama'ar yankin. Wannan jimla tare da take su ake sawa a gurbin madadin rubutu, wanda ake kira `alt` a HTML, kuma shi ne manhajar da ke karanta wa makafi allo take furtawa a wurin hoton. Cikakkun alƙaluman kuma a ƙarƙashin jadawalin, inda kowa zai gani. Ana kira ga masu tsara rahoto su yi wannan rubutu tun ranar da suka zana jadawalin, lokacin da takardar alƙaluman ke buɗe a gabansu, domin bayan hoto ya ɓace ba kullum ake samun asalinta ba.