Amsar Tambaya: Yaya Zan Yi Wa Madogarata Sharhi?

Tambaya: Malam, ina bincike kan durƙushewar masana'antun Challawa, an ce in jero madogarata da gajeren sharhi a ƙarƙashin kowace. Me zan rubuta?

Amsa: Ɗalibata, bayan sunan marubuci da na littafi da shekara da maɗaba'a, jimla uku sun isa: me ya tattauna, ina ya samo hujjarsa, wane amfani zai yi miki.

Ɗauki littafin Paul Lubeck na 1986 kan Musulunci da ma'aikatan masana'antun Kano. Sai ki ce: "Ya nuna yadda almajirai da baƙin ƙauye suka zama leburorin kamfani. Ya dogara da hira da ma'aikata a shekarun 1970. Yana da ƙarfi kan rayuwar lebura, amma ba zai bayyana rufe masaƙu bayan tsarin SAP na 1986 ba, domin bincikensa ya riga shi."

Jimlar ƙarshen nan ita malami ke nema. In kika rubuta "littafi ne mai amfani" kawai, nan take zai gane bangon kika karanta. Rahoton ƙungiyar MAN kuwa, ki faɗa ƙarara cewa muryar masu kamfani ce, ba ta ma'aikata ba.