Yadda Ake Cire Soket Idan Ya Maƙale a Kan Racet

A jikin kan racet mai kusurwa huɗu, ko na sandar ƙari, akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin ke turowa waje. Shi ne yake faɗawa ɗan gurbin da ke cikin soket ya riƙe shi. Bakin raminsa aka ɗan matse don kada ya fice, saboda haka in ya yi tsalle ya faɗi, da wuya ya koma.

A ce ka kwance notin taya da racet mai rabin inci, ka danna da ƙarfinka duka, soket ya ƙi fita. Kada ka fara da guduma. Sau da yawa murɗawar ce ta sa kusurwoyin suka ciji juna. Mayar da soket kan notin, juya ɗan makunnin racet, ka ɗan fizga ta ɗaya ɓangaren. Sai ka tura soket ciki tukuna, sannan ka ja shi a miƙe. In racet ɗin mai maɓalli ne a baya, danne shi har ƙarshe kana ja, domin muddin ba a danna ba ƙwallon a kulle yake.

In ya ƙi, to tsatsa ce, ko ƙurar hunturu da ta haɗu da tsohon giris ta daskare. Ɗiga kananzir ko man feshi mai ratsa tsatsa ta bakin soket da ta mahaɗar, ka bar shi kamar minti 15, kana ɗan ƙwanƙwasa gefensa da ƙotar sukudireba.

Duba gefen soket ɗin. Wasu suna da huda, ƙwallon kuma ya shige ciki ya zauna. Samo ƙusa, ka goge tsininta, ka danna shi a hankali kana ja. Dannawa na ce, ba duka ba.

Daga nan sai sukudireba biyu masu faɗin baki, ɗaya a kowane gefe, ka ɓanɓara a lokaci guda. Guda ɗaya karkatar da soket take yi, ta ƙara matse ƙwallon.

Guduma ce ta ƙarshe. Naɗe soket da tsumma, ka kama shi a bais bakinsa na sama, ka zura ɗan ƙarfe ta ciki ka riƙa bugun kan a hankali, wani yana tare racet daga ƙasa. Mai maɓalli kuwa, kauce wa tsakiyar kan, don a wasu nan sandar maɓallin take leƙowa.

Wuta kam ban yarda da ita ba. Na sha ganin yaran gareji suna kai wa mai walda ya gasa. Soket ya fita, amma zafi ya kashe sifirin, daga ranar kowane soket zubewa yake yi.

Idan ya fita, wanke kan da kananzir, ka ɗiga mai, ka danna ƙwallon da farce. In ya shiga ya dawo da kansa, lafiyarsa ƙalau.