Me Ya Sa Mutum Ke Riƙe Tsabar Kuɗi, Kuma Me Kuɗin Ruwa Ke Yi Wa Wannan Riƙon?

Jama'a, idan masanin tattalin arziki ya ce "buƙatar kuɗi", ba yana nufin son kuɗi ba ne, domin wannan kowa na yi. Abin da yake tambaya shi ne: a cikin dukiyar da mutum ya riga ya mallaka, nawa ya zaɓa ya bari tsaba a aljihu, ko a asusun banki da zai iya cira nan take, maimakon ya mayar da shi buhun masara, ko fili, ko takardar bashin gwamnati? Wani masani ɗan Ingila, John Maynard Keynes, ya rarrabe dalilan wannan zaɓi gida uku a littafinsa na 1936. Duka ukun ana iya ganinsu a nan unguwar Iku da ke Suleja, ba sai an je Landan ba.

Mu ɗauki misalin mai shagon tireda a unguwar, wanda jarinsa ya kai naira miliyan ɗaya. Yana saro taliya da sukari da man gyaɗa a Kasuwar IBB, yana biyan mai Keke Napep, yana biyan yaron shago, yana ba da cefanen gida. Kuɗi ba sa shigo masa a daidai lokacin da suke fita. Da yawa daga cikin masu sayayya a wurinsa ma'aikata ne da ke sammakon tafiya Abuja, sukan ci bashi har ƙarshen wata, amma dila ba ya jiran ƙarshen wata. Saboda haka tilas ya bar, a ce, naira 200,000 a hannu don cike wannan giɓi. Wannan shi ne dalili na farko, wato hada-hadar yau da kullum. Abin da ke ƙara shi sananne ne: yawan ciniki da tsadar kaya. Idan katan ɗin taliya ya ninka kuɗinsa, to abin da ke durowar mai shago ma sai ya ninka, ko da yawan katan ɗin da yake sayarwa bai ƙaru ba.

Dalili na biyu shi ne ko-ta-kwana. Rashin lafiya ba ta sallama, haka gobara, haka saƙon rasuwa daga ƙauye. Mai shagonmu ya ware naira 100,000 da ba ya taɓawa. Girman wannan ajiya yana bin girman fargabar mutum, kuma ƙasar nan ta ga hakan ƙuru-ƙuru. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Hujjar bankin ita ce cikin kusan tiriliyan 3.2 da ke yawo, wajen tiriliyan 2.7 suna hannun jama'a ne a wajen bankuna. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, mutane suka kai tsofaffin kuɗi banki, sababbin kuwa ba su wadata ba. Duk wanda ya yi wannan Fabrairun a Suleja ya ga layi a ƙofar banki tun kafin gari ya waye, ya ga mai POS yana karɓar naira 1,000 ko fiye a kan kowace 10,000, ya ga mai tumatir tana ƙin taransifa saboda saƙon shigar kuɗi ba ya zuwa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu.

Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo baya. Da tsabar ta dawo, mutane suka riƙe ta gam, har yawan kuɗin da ke wajen bankuna ya koma inda yake, ya ma wuce. Wanda ya taɓa kwana da kuɗi a asusu alhali ba na sayen burodi a hannunsa, ba zai sake yarda aljihunsa ya bushe ba. A ganina wannan shi ne babban kuskuren wancan shiri: an so a rage riƙon tsaba, sai aka ba kowa sabon dalilin riƙe ta.

To, saura naira 700,000 ga mai shagon. A ce 200,000 suna kwance a kanta a matsayin kaya. Ragowar 500,000 fa? Nan ne dalili na uku yake, wato kirdadon kasuwa, kuma nan ne kuɗin ruwa ke da ƙarfi. Tsabar kuɗi ba ta haihuwa. Gwamnatin Tarayya kuwa tana cin bashi a hannun jama'a ta hanyar sayar da takardun baitulmali na kwana 91 da 182 da 364, da kuma takardu masu dogon wa'adi. A ƙarshen 2020 ribar takardun gajeren wa'adin ta faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100. Wanda ya bar 500,000 a akwati shekara guda a lokacin, abin da ya rasa bai kai naira 5,000 ba, bai ma isa wahalar zuwa banki da cike takarda ba. A 2024 kuwa, bayan Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar Babban Banki, ma'aunin kuɗin ruwa na bankin ya tashi daga kashi 18.75 zuwa kashi 27.5 a watan Nuwamba, ribar takardar kwana 364 kuma ta haura kashi 20. Wannan 500,000 ɗin dai, idan ta kwana a akwati shekara, mai ita ya yi asarar abin da ya kai naira 100,000. Ashe kuɗin ruwa shi ne farashin riƙe tsaba: idan ya hau, riƙon ya yi tsada, mutane su rage.

Akwai wani gefen da ya fi wannan zurfi, ka natsu ka bi lissafin. A ce takarda ce da za a biya mai ita naira 120,000 bayan shekara ɗaya. Idan kuɗin ruwa a kasuwa kashi 10 ne, za a saye ta yau a kan kusan 109,000, domin 109,000 da ribarta ta kashi 10 su ne ke ba da kusan 120,000. Ka saya ke nan, washegari ruwan kasuwa ya tashi zuwa kashi 20. Yanzu ba wanda zai ba ka fiye da 100,000 a kanta, tun da 100,000 a sabon farashi ma za ta kawo masa 120,000 ɗin. Idan larura ta sa ka sayar, ka yi asarar 9,000. Takarda mai wa'adin shekara goma kuwa faɗuwarta ta fi haka nesa ba kusa ba. Wato duk lokacin da kuɗin ruwa ya hau, farashin tsofaffin takardu sauka yake yi. Saboda haka idan ruwa yana ƙasa ƙwarai, masu lura sukan ce ba inda ya rage masa sai sama, sai su riƙe tsabarsu su jira. Idan yana can ƙololuwa, sai su yi tsammanin saukarsa, su ruga su sayi takardu kafin su yi tsada.

Ɗalibai suna haɗuwa da wannan a zane. Ja layi a tsaye a gefen hagu, shi ne kuɗin ruwa, ƙasa kaɗan, sama da yawa. Ja wani a kwance, shi ne yawan kuɗin da jama'a ke son riƙewa. Layin buƙata zai gangaro daga sama ta hagu zuwa ƙasa ta dama: ruwa mai yawa, riƙo kaɗan, ruwa kaɗan, riƙo mai yawa. A nan ake yawan tuntuɓe, har a takardar jarrabawa. Sai ka ji an ce hawan kuɗin ruwa ya matsar da layin. Ba haka ba ne. Tun da kuɗin ruwa yana jikin zanen, canjinsa tafiya ce a kan layin, daga wani wuri zuwa wani, layin kuwa yana nan inda yake. Mai shagon da ya rage tsabarsa saboda riba ta tashi daga kashi 1 zuwa 20, hawa ya yi a kan layi guda.

Abin da ke ɗaga layin ɗungurungum ya kai shi dama ko hagu shi ne abin da ba ya jikin zanen. Tsadar kaya da ƙarin albashi suna tura shi dama, domin a kowane matakin ruwa mutum na buƙatar ƙarin kuɗi don sayayya iri ɗaya. Fargaba irin ta 2023 ta tura buƙatar takardun naira dama. Yaɗuwar POS da taransifa ta waya tana jan buƙatar takardun naira hagu, ko da yake kuɗin asusun ma kuɗi ne a wannan lissafi. Hanya guda da kuɗin ruwa ke iya matsar da layin ita ce ta tsammani: idan ruwan yau bai canza ba amma kowa ya tabbata zai hau a zaman Babban Banki na gaba, mutane za su ƙi sayen takardu yau, layin ya matsa dama. Gwajin da za ka riƙa yi mai sauƙi ne. Tambayi kanka, da ruwan yau bai motsa ba, shin riƙon zai canza? In amsar e ce, layi ne ya matsa.

Wani zai ce, Malam, mu fa ba ma cin riba, ina ruwanmu da wannan? Gaskiya ne da yawa daga Musulmin garin nan ba sa kusantar takarda mai ruwa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa matakin Babban Banki ba ya isa kasuwanninmu da ƙarfin da littafi ya faɗa. Amma tsadar riƙe tsaba ba ta ƙyale kowa ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 a Disamban 2024, wanda ke nufin naira 500,000 da ta shekara a akwati ta dawo tana sayen abin da kusan 370,000 ke saye shekara guda kafin nan. Wanda ke sayen masara da kaka ya jira bazara, da matar da ke turke rago don Babbar Salla, lissafin dalili na uku suke yi, kuma su ma farashi na iya karyewa a hannunsu. Gwamnatin Tarayya ma ta fara sayar da sukuk a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, inda ake biyan mai zuba kuɗi haya maimakon ruwa, Bankin Jaiz kuma yana aiki ba da ruwa ba tun 2012.

Don haka, ya kai mai shago da ke mai sana'ar gida, ku zauna da biro da takarda ku fitar da abin da kuke kashewa daga shigar kuɗi zuwa wata shigar, ku ɗora na ko-ta-kwana a kai, kada ku kulle wannan kason a inda ba a iya cirewa da daddare. Abin da ya yi saura shi ne ya kamata ku nema wa wurin aiki, bayan kun tambayi wa'adinsa da abin da za a yanke muku idan kuka janye kafin lokaci.