Daga Wasiƙa Zuwa Jadawali: Yadda Ake Sake Tsara Amsa Ga Masu Bitar Maƙala

Idan mujalla ta dawo wa marubuci da maƙalarsa haɗe da sharhin masu bita, abin da ya fi saurin zuwa masa shi ne ya rubuta doguwar wasiƙa: godiya a farko, bayani a tsakiya, sai tabbacin cewa an yi dukan gyare-gyaren. Matsalar irin wannan wasiƙa ita ce edita ba ya iya tantance ta. Yana da sharhi a hannu ɗaya, sabuwar maƙala a ɗaya hannun, amma babu abin da ke haɗa masa su. Jadawali shi ne mahaɗin, domin kowane layi nasa yana ɗauke da buƙata guda, da amsarta, da wurin da aka aiwatar da ita.

Mu ƙaddara wata ɗaliba ta aika maƙala a kan furucin baƙin f a karin harshen Tawa, inda ake jin hwari a maimakon fari, da tahi a maimakon tafi. Mai bita na farko ya rubuta mata sakin layi guda: "Ba a faɗi adadin mutanen da aka naɗi muryarsu ba, kuma ba a fayyace ko hw yana zuwa gaban kowane wasali ba. Ya kamata a duba aikin Caron." A wasiƙarta ta amsa cewa ta faɗaɗa bayani a kan yadda ta tattara misalai, ta kuma ambaci Caron. Amsar ta yi kama da cikakkiya, alhali buƙatu uku ne a sakin layin, kuma ta tsakiya, wadda ita ce ta shafi ainihin hujjar maƙalar, ta salwanta. Ba da gangan ta tsallake ta ba. Zube ne yake ba mutum damar wuce abu ba tare da ya lura ba.

Don haka aikin farko shi ne yanka sharhin gunduwa-gunduwa. Ana bin sa jimla bayan jimla, a tsaya a duk inda aka ce "kuma" ko "bayan haka", a tambayi kai ko sabuwar buƙata ce ta fara. Kowace buƙata ta sami lambarta: 1.1, 1.2, 1.3 ga mai bita na farko, 2.1 zuwa gaba ga na biyu. Maganar mai bita kuwa kwafe ta ake yi kamar yadda ya rubuta, a harshen da ya rubuta ta, ko da Faransanci ne. Wanda ya taƙaita suka da bakinsa yakan sassauta ta, har ya ƙare da amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Ga yadda layuka uku na ɗalibar za su kasance:

| Lamba | Maganar mai bita | Amsa | Wurin gyara |
|---|---|---|---|
| 1.1 | Ba a faɗi adadin mutanen da aka naɗi muryarsu ba | An ƙara: mutum 12, maza 6, mata 6 | Sashe na 2, shafi na 4, layi 88–91 |
| 1.2 | Ba a fayyace ko hw yana zuwa gaban kowane wasali ba | An taƙaita iƙirarin: hw gaban a (hwari, hwata), h gaban i (tahi, hita) | Sashe na 3, misalai (7)–(10), tsakure, layi 6 |
| 1.3 | Ya kamata a duba aikin Caron | An kwatanta misalanmu da na littafinsa na 1991 a kan Hausar Adar | Sashe na 3, layi 140–152. Jerin manazarta |

A lura da layi na 1.2. Gyara ɗaya ne, amma ya taɓa wurare biyu, saboda tsakuren da ke farkon maƙalar shi ma yana ɗauke da tsohon iƙirarin cewa hw ya maye gurbin f a ko'ina. Da ɗalibar ta gyara sashe na 3 kaɗai, da maƙalar ta riƙa ƙaryata kanta. Cike gurbin ƙarshe ne yake tilasta wa mutum ya bi iƙirari zuwa duk inda ya maimaita shi, har da kammalawa. Idan kuma amsa ta ce "an gyara" amma aka rasa shafin da za a nuna, to ba a gyara ba, bayani kawai aka yi wa mai bita, mai karatu kuwa ba zai taɓa ganin jadawalin ba.

Wannan gurbi shi ne kuma ya fi saurin lalacewa. Ƙara sakin layi ɗaya a sashe na 2 yana ture duk lambobin layin da ke bayansa, ƙara misali ɗaya yana mai da (8) ya koma (9). Saboda haka a bar shi a fili har sai an gama taɓa maƙalar ɗungurungum. Daga nan a kunna lambar layi; ga masu Word na Faransanci, ana samun ta a Mise en page, sai Numéros de lignes, a zaɓi Continu. A mai da maƙalar PDF, a ɗauki lambobin daga wannan kwafin, a kuma faɗa a saman jadawali cewa shi suke nuni. Word ba ya ƙirga layukan da ke cikin jadawali ko bayanan ƙasan shafi, kuma yawancinmu a cikin jadawali muke jera misalai masu fassara kalma da kalma. Irin waɗannan da lambar misali ake nuna su. Kafin aikawa a zaɓi layi uku ko huɗu a bi su zuwa cikin maƙalar. Idan ɗaya ya kuskure, sauran na bayansa ma abin zargi ne.

Ba kowace buƙata ake karɓa ba. A ce mai bita na biyu ya nemi a ƙara kwatanci da Hausar Damagaram, alhali ɗalibar ba ta naɗi murya a can ba. Layin yana nan da lambarsa, 2.1. Amsar za ta faɗi dalili a jimla biyu: babu misalan da aka tattara ta hanya iri ɗaya, kuma haɗa su da na littattafai zai raunana kwatancin. Ko a nan ma ya fi kyau gurbin ƙarshe kada ya zauna wayam. Jimla ɗaya a gabatarwa da ke bayyana cewa binciken ya tsaya ga Tawa ta isa, kuma tana rufe ƙofar da tambayar ta shigo.

Jadawali yana kuma tona saɓanin masu bita, abin da wasiƙa ke ɓoyewa. Idan na farko ya ce a faɗaɗa sashen tarihin sautin, na biyu ya ce a cire shi, a rubuta cikakkiyar amsa a layi ɗaya, a ɗayan kuma a ce "duba 1.4", tare da bayyana wanda aka bi da dalili. Edita ne mai yanke hukunci, don haka ya dace a ja hankalinsa ga wannan layin a ƴar gajeruwar wasiƙar da za ta raka jadawalin.

Buƙatar da ta shafi maƙalar baki ɗaya, kamar a nuna karin sauti da tsawon wasali a kowane misali, ba ta bukatar a jera layuka arba'in. A rubuta "dukan misalai, (1)–(34)", a nuna bayanin ƙasan shafin da ya faɗi tsarin da aka bi, misali na Newman a nahawunsa na 2000, inda karin sama ba ya ɗaukar alama. Sai a buɗe jadawalin a wata na'urar a tabbatar ɓ, ɗ, ƙ da alamomin karin sauti ba su rikiɗe sun zama akwatuna ba. Idan mujallar tana ɓoye sunan marubuci daga masu bita, a cire shi daga jadawalin ma, har da sunan fayil ɗin.