Yashin Tsohon Hoto: Dalilin Da Haɗi Ke Tona Kansa

Masu koyon gyaran hoto sukan ɗauka in an yanko mutum da kyau, an daidaita haske da launi, to haɗi ya kammala. Sai a buga hoton, kowa ya kalla ya ce wannan ai manna shi aka yi, alhali ba mai iya nuna inda laifin yake. A aikina na situdiyo, galibi laifin yana wuri ɗaya: tsohon hoton cike yake da yashi-yashi, wanda aka ƙara kuwa sumul.

Kwanaki wata baiwar Allah ta kawo hoton sunan ɗanta, wanda aka ɗauka cikin ɗaki da tsohuwar Nokia mai megafiksel 2, wato 1600 da 1200. Tana so a saka yayanta da bai samu halarta ba, don a rataye a falo. Hoton yayan kuwa da sabuwar waya aka ɗauke shi a fili, kana iya ƙirga zaren aikin hularsa.

Ƙaramar kyamara a ɗaki mai ƙarancin haske dole ta ƙara wa abin da ta kama ƙarfi, daga nan yashin ke fitowa. Iri biyu ne: akwai ɗigo-ɗigon haske da duhu, akwai kuma dabbare-dabbaren ja da kore da shuɗi, waɗanda suka fi fitowa a inuwa. A Photoshop danna Ctrl+3, Ctrl+4, Ctrl+5 ka duba ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. A hoton sunan nan shuɗin ne ya fi lalacewa, haka kuma aka fi samu a hotunan cikin ɗaki.

Tsohon ba zai tashi ya kamo sabon ba, don haka sabon ake saukarwa. Na fara rage yayan zuwa girman da zai zauna a hoton, domin in ka zuba yashi sannan ka rage ko ka faɗaɗa, ƙwayarsa ta canja girma, aikin ya tashi a banza. Sai Gaussian Blur kamar 0.8, har kaifin gefen hularsa ya yi daidai da na mutumin da ke kusa da shi. Nan ne hannu ke nauyi, don mutum na ganin yana ɓata hoto mai kyau da gangan.

Yanzu yashin. Hanyar da aka fi sani ita ce ka buɗe sabuwar leya, ka cika ta da 50% Gray, ka sa ta Overlay, ka ɗaure ta a kan mutumin kaɗai da Ctrl+Alt+G, sannan Add Noise, Gaussian, kashi 3 zuwa 5. Tana aiki, amma da gyara biyu. Yashin Add Noise ƙwayarsa fiksel ɗaya ce mai kaifi, na tsohuwar waya kuwa dunƙule yake, saboda wayar ta yi ƙoƙarin goge shi, JPEG kuma ya matse shi. Sai ka bi shi da Gaussian Blur kamar 0.5. Na biyu, Overlay ya fi tasiri a matsakaicin haske, yana raguwa a wuri mai duhu sosai, daidai inda yashin waya ya fi yawa. Baƙin gemu ya fito fes a tsakiyar inuwa mai dabbare, asiri ya tonu.

Shi ya sa ni na fi son aron yashin daga hoton kansa. Bayan mutanen akwai bango mara zane. Na kwafi yanki daga ciki, na sa masa High Pass kamar 3, wanda ya kwashe launin bangon ya bar ƙwayar kawai a kan toka-toka. Na jera kwafinsa har ya rufe yayan, ina juya wasu don kada maimaici ya nuna, na ɗaure shi a kan yayan kaɗai, na sa Linear Light, Fill kashi 50. Girman ƙwaya da launinta duk na wannan wayar ne. Ga gemu da ƙarƙashin haɓa na sake aro daga inuwar ƙofa. Iyakar dabarar, sai hoton yana da fili mara zane. In duk atamfa ne da labule, koma wa Add Noise.

Kada ka zuba yashi a kan hoton gaba ɗaya da sunan haɗe shi. Tsohon ɓangaren zai ɗauki kashi biyu, sabon ɗaya, tazarar na nan.

Wajen gwaji, ɗora Levels na wucin gadi a sama, ka matso da maɓallan baƙi da fari kusa da juna har yashin ya fito ɓaro-ɓaro, ka duba a 100% da 300%. Bi iyakar kafaɗarsa da bango: in ƙwayar ta tsaya cak a bakin rigar, ko ta canja girma, da saura. Duba kuma ƙananan murabba'ai masu fiksel 8 da 8 da JPEG ke bari, musamman a hoton da ya sha yawo a WhatsApp. Na sunan yana da su, don haka na ɓoye Levels ɗin, na adana kwafin haɗin a JPEG da Quality 5, na dawo da shi daidai wurinsa, na bayyana shi a kan yayan kaɗai. Sannan na cire Levels ɗin, na aika wa mai bugawa.